Gargaɗi: minti biyar ya gwada min katin, kuɗin wata bakwai suka tafi

Kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba, kuma na rantse sai na rubuta wannan ko da za a yi min dariya. Wata bakwai ina tara kuɗin nan. Wata bakwai ina hana kaina abubuwa don in sayi katin hoto na kwamfuta, RTX 3080 mai giga 10, na hannu, kuma mutumin da ya sayar min ya karɓe su a kan gwajin minti biyar. Yanzu katin yana nan a kan teburina, ko wasa ɗaya ba ya iya kaiwa ƙarshe, shi kuma ya toshe lambata.

Kada wani ya ce min ban san kwamfuta ba. Da hannuna na haɗa tawa, wannan ce ta uku. Ban aika kuɗi ga wanda ban gani ba, ban sayi kati a leda ba, na je har inda yake na ce sai an kunna a gabana. Ya kunna. Na buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, da kaina na ga sunan katin daidai, giga 10 daidai, GDDR6X daidai, domin na san ana sauya wa ƙaramin kati suna ya fito kamar babba. Duk wannan na yi. Abin da ya fi ci min rai shi ne tambayar da na yi masa ido cikin ido. Na ce, ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, an yi haƙar kirifto da katin nan? Ya dafa ƙirji ya ce, "Haba malam, wallahi wasa kawai nake yi da shi, shi ma sai ƙarshen mako." Har yanzu ina ganin hannun nan a ƙirjinsa. Ina kwance ina ganinsa.

Sai ya ce in kasa kunne. "Ka ji ƙarar fanka? Babu." Kuma da gaske babu, shiru kake ji. Na ji daɗi har na gyaɗa kai. Alhali na sani, wallahi na sani, irin waɗannan katunan fankokinsu ba sa juyawa sam idan ba su yi zafi ba, sai zafin ya haura wajen digiri 50 suke tashi. Shirun da ya sa na saurara shirun fankar da ke tsaye ne. Ya saka FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki don gwaji, ƙafafunmu biyu a tsaye, ya nuna min digiri 62 da yatsa, minti biyar suna cika ya kashe ya ce yana da wani mai saye da ke hanya, idan ban shirya ba babu damuwa. A nan na miƙa. Kuɗin wata bakwai, a kan minti biyar da digiri 62.

Mai gyaran da na kai wa ranar Talata, a'a, Laraba ce, Talata ita ce ranar da mai katin ya daina ɗaga wayata, shi ya buɗe min ido a kan abin da na gani ban karanta ba. Amma bari in koma daren farko tukuna.

Na dawo gida na saka katin, na kunna wasa. Minti goma na farko lafiya lau, har na ɗauki hoto na aika wa ƙanena. Wajen minti goma sha biyar fankoki suka ɗauki kuka kamar za su tashi sama, ta tsakiyar kuma tana wani kar-kar-kar kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. Minti goma sha takwas sai ɗige-ɗige kore da ruwan hoda suka fara yayyafi a sikirin, ƙanana masu kusurwa huɗu, jere kamar gidan dara. Sai fuskar ɗan wasan ta miƙe ta zama dogon tsini har ƙarshen sikirin. Sai baƙi ƙirin. Na kashe, na jira ya huce, na kunna, komai ya dawo daidai. Na sake, minti goma sha takwas zuwa ashirin, ɗige-ɗigen suka dawo. Sau huɗu na yi a daren, sau huɗu abu ɗaya.

Da na kira mai katin ya ce laifin kwamfutata ne, wai akwatin wutata ya yi ƙarami. Nawa wat 850 ne, kamfanin da ya ƙera katin 750 ya ce a yi amfani da shi. Ya ce direba ce, wato manhajar da ke tafiyar da katin. Na goge direbar gaba ɗaya da DDU na saka sabuwa. Ya ce waya ce, na canja waya, na canja sikirin, na ɗauki katin na kai kwamfutar abokina, minti ashirin ba su cika ba ɗige-ɗigen suka fito a can ma. Duk saƙonnin nan suna nan a wayata, zan ɗora hotunansu, har da inda ya rubuta "ba a taɓa buɗe shi ba".

Ga abin da ban duba ba, kuma shi ne ya kashe ni. Digiri 62 da ya nuna min zafin ƙwaƙwalwar katin ne, wato babban guntun da ke tsakiya. Ita kuwa haƙar Ethereum, wadda aka yi ta yi da irin waɗannan katunan tun fitowarsu a Satumbar 2020 har aka rufe ta a Satumbar 2022, memori take gasawa. Masu haƙar sukan rage wa ƙwaƙwalwar wuta, su ƙara wa memori gudu, su ƙulle fanka a sama, su bar kati yana aiki dare da rana. Saboda haka ƙwaƙwalwa tana iya fitowa garau alhali memorin ya sha wuya shekara biyu. Zafin memorin yana da nasa layi daban, a manhajar HWiNFO64 sunansa GPU Memory Junction Temperature. Da na buɗe shi a gida, ƙwaƙwalwa tana 78, shi kuwa memori kafin minti goma sha huɗu ya kai 110, wato iyakar da katin ke fara rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Layi ɗaya ne a sikirin. Da na nemi layin nan a gabansa da yanzu kuɗina suna aljihuna.

Kuma akwai abin da na tuna daga baya, na koma hoton da na ɗauka a ɗakinsa na tabbatar. A hoton, layin Board Power Draw, wato wutar da katin ke ja, yana nuna wat 224. Katin nan idan an matsa masa da FurMark kusan wat 320 ya kamata ya ja. Ke nan ya shiga manhajar MSI Afterburner ya rage wa katin wuta zuwa kashi 70 cikin ɗari kafin in iso, shi ya sa ya yi sanyi, shi ya sa fankar ba ta kai gudun da take kar-kar ba. Wannan saitin a kwamfutarsa yake zaune, ba ya bin katin zuwa gidanka. Kana sakawa a taka sai katin ya koma jan cikakkiyar wutarsa, ciwon ya fito. Lambar tana cikin hoton da ni na ɗauka da wayata. Na kalle ta ban gan ta ba, domin yana ta yi min hira yana nuna min 62. Ku gaya min wannan kuskure ne. Mutumin da ya rage wuta kafin mai saye ya zo ya san abin da yake sayarwa.

Mai gyaran bai ma kunna katin ba da farko. Ya haska tocila a bayan katin ya nuna min wani maiƙo da ya yi shaida a gefen farantin baya, ya ce man da ke tsatsowa ne daga ƙananan katifun da ke kwashe zafin memori idan sun daɗe suna gasuwa. Ya tura fankoki uku da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka yi ta juyawa har suka tsaya a hankali, ta tsakiyar ta yi zagaye biyu ta cije, da ya taɓa gefenta kuma tana rawa. Ya nuna min kawunan sukurori huɗu na baya, duk sun sha sukundireba, fentinsu ya goge, sitikar da ke kan ɗaya an ɗaga ta an mayar. "Ba a taɓa buɗe shi ba." Haka mai katin ya rubuta min.

Da aka buɗe, katifun sun bushe suna farfashewa a hannu. Guntayen memori goma ne a kewaye da ƙwaƙwalwar, allon da ke gefensu ya yi rawaya-rawaya, ɗaya kuma akwai busasshen man dalma a kewayensa, alamar an taɓa hura masa iska mai zafi don ya ɗan farfaɗo ya kai ranar ciniki. Mai gyaran ya ce da zafi ne kaɗai matsalar, da sababbin katifu da sabuwar fanka sun isa, kuma ya sha gyara katunan haƙa da suka ci gaba da aiki lafiya. Amma tunda ɗige-ɗige sun fito, ko guntun ya lalace ko dalmar ƙarƙashinsa ta tsage, tana rabuwa idan ta yi zafi, ta haɗe idan ta huce. Shi ya sa minti biyar ba za su taɓa nuna komai ba. Sai an cire guntun an sa wani, kuma bai yi min alkawarin sauran taran ba.

Ni ba haƙar ce ta ƙona min rai ba. Da mai katin ya ce min an yi haƙa da shi shekara biyu, ga rangwame, da na san abin da zan duba, ko in saya ko in bari. Rantsuwar ce. Hannun nan a ƙirji, da "haba malam", da wani mai saye da wai yana hanya. Na tambaye shi, ban yi shiru ba, na tambaya kuma ya rantse. Wata bakwai.

Idan za ka sayi na hannu, a gwada a kwamfutarka, ko ka sa a danna maɓallin mayar da saiti na Afterburner a gabanka. Rabin awa cikakke, da wasa mai nauyi, sannan gwajin memori na manhajar OCCT, idonka a kan zafin memori da wat ɗin da katin ke ja. Ka tura fanka zuwa 100 ka saurara. Wanda ya ce yana sauri, ka bar masa kayansa.

Hotunan saƙonnin da bidiyon ɗige-ɗigen da hoton wat 224 zan ɗora su da daren nan, ina rufe lambobin waya ne. Jiya abokina ya ga mutumin ya sake saka tallan wasu katunan guda uku iri ɗaya da nawa, da kalmomin nan dai, wasa kawai, ƙarshen mako. Na kai ƙorafi inda yake tallan, har yanzu ba su sauke ba.