Ɗalibi zai tafi jami'ar waje: abin da za a saya masa don intanet, da abin da za a bari a shago

Duk shekara bayan sakamakon bak, iyaye a nan Damagaram sukan shiga sayayyar yaran da suka samu bursu zuwa Aljeriya, Maroko, Turkiyya ko Faransa. Akwati, rigar sanyi, kwamfuta ta hannu. Kwana biyu da sauka sai yaro ya bugo waya: wifi na jami'a ya kama, amma babu shafin da ke buɗewa, kuma can ƙasan allo an rubuta "Pas d'Internet". Daga nan sai a fara zargin mai shago cewa ya sayar da mushen ordinata. Galibi kwamfutar lafiya lau take. Rezon jami'ar ne bai san ta ba tukuna, kuma ba zai buɗe mata ƙofa ba sai an yi rajista.

Rajistar nan iri biyu ce, kuma irin da jami'ar ke yi shi zai nuna maka abin saye. Na farko shi ne shiga da suna da kalmar sirri, kamar yadda ake yi a rezon eduroam da jami'o'i a ƙasashe da dama suka haɗu a kai. Wannan ba ya neman wata na'ura, akawun ɗin ɗalibi kawai yake so, akawun kuwa ba ya fitowa sai an gama takardun shiga makaranta. Na biyu shi ne rajistar lambar MAC, wadda aka fi gani a ɗakunan kwanan ɗalibai masu ramin kabul a bango. A nan ne mutane suka fi ɓata kuɗi, don haka a nan zan fi tsayawa.

Lambar MAC haruffa da alƙaluma 12 ce, an jera su bibbiyu. Abin lura shi ne, ba ta kwamfutar ba ce gaba ɗaya, ta katin rezo ce. Katin wifi yana da tasa, ramin kabul yana da tasa, Bluetooth yana da tasa, duk adaftar da ka maƙala ta USB ita ma da tata. Jami'a kati take rubutawa a littafinta, ba kwamfuta ba. A Windows ana ganin su duka in an buɗe tagar rubuta umarni mai suna cmd aka buga wannan:

```
getmac /v
```

In allon na Faransanci ne, sai a duba ƙarƙashin "Adresse physique", a lura da sunan katin da ke gefen kowace lamba.

To me za a saya?

Abin da na sa a gaba ba ma kayan kwamfuta ba ne. Salula ce wadda ba a kulle ta a kan layin kamfani ɗaya ba, da kuɗin sayen pus da forfe a ƙasar da aka sauka. Dalili kuwa, rajistar kanta tana buƙatar intanet. Saƙon kunna akawun yana zuwa ta imel, fom ɗin rubuta lambar MAC sau da yawa a shafi yake, ita kuwa kwamfutar da ake so a yi wa rajista ba ta iya buɗe komai. Da pus na can sai ɗalibi ya kunna "Partage de connexion" ya ba kwamfutar rezo daga wayarsa. Ya fi kyau ya haɗa su da kabul ɗin caji maimakon wifi, don wayar za ta riƙa yin caji yayin da take aiki. Kafin ya fara, ya shiga saitin wannan haɗin a Windows ya kunna "Connexion limitée", in ba haka ba sabuntawar Windows za ta cinye forfen kafin ya buɗe imel ɗinsa. Layin Airtel, Moov ko Zamani da ya taho da shi daga gida ya ajiye shi don karɓar saƙonni, yin intanet da shi a waje tsadarsa ba ta ɗalibi ba ce. Mai zuwa Turkiyya kuma ya san da wannan: wayar da aka shigo da ita daga waje, in an sa mata layin ƙasar, ana rufe ta bayan kwana 120 sai an yi rajistar lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, an biya haraji mai nauyi. Kwanakin sun isa a gama rajistar jami'a, amma ba su isa shekarar karatu ba.

Sai adaftar kabul, wato 'yar na'urar da gefe ɗaya ke shiga USB, ɗaya gefen kuma yana da ramin kabul ɗin intanet, wanda ake kira RJ45. Kwamfutoci sirara na yanzu ba su da wannan rami, don haka in ɗakin da aka ba ɗalibi na kabul ne, babu makawa sai ita. Ta 'yan jikkuna ce, amma saye ne da ke son ido. Ta USB 2.0 yawanci gudunta ba ya wuce megabit 100 a daƙiƙa, ta USB 3.0 tana kaiwa 1000. Ga karatu da kiran gida ta farkon ma ta wadatar, ba gudun ne ya dame ni ba. Abu biyu ne. Na ɗaya, direba: wata adaftar ba ta aiki sai an sauko mata da manhaja daga intanet, intanet ɗin da ba a da shi. Masu ƙwaƙwalwar Realtek RTL8153 ko ASIX AX88179 su ne aka fi sani, kuma Windows 10 da 11 galibi suna gane su, amma kada ka dogara da rubutun kwali. Je shagon da kwamfutar yaron, ka maƙala, ka ga ta bayyana a `getmac /v` tun kana Damagaram. In ma ta nemi direba, a zuba mata shi a nan.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wasu adaftoci masu arhar gaske ana fito da su daga masana'anta da lambar MAC iri ɗaya, kwali guda lamba guda. A gida ba ka taɓa lura ba. A ɗakin kwanan jami'a kuwa, in wani ɗalibi ya riga ya yi rajista da irin taka, ko dai fom ɗin ya ce lambar tana da mai ita, ko rezon ya dinga yanke muku ku biyu kuna karɓa-karɓa. Gwajin ba shi da wuya. Ce wa mai shago: "Alhaji, ba ni biyu in gwada." Maƙala ta farko ka rubuta lambarta a takarda, cire ka maƙala ta biyu. In lambobin sun zo ɗaya, mayar masa da duka ka nemi wani samfuri. Ka haɗa da kabul mai tsawon mita 3 zuwa 5, don ramin bango ba kasafai yake kusa da tebur ba.

Ga yadda abin kan kasance. A ce yarinya ce ta sauka, an ba ta ɗaki da fom na rajista. Ta buga `getmac /v`, layuka uku suka fito, ta kwafi na farko ta aika, aka ce an amince. Ta sa kabul, shiru. Sai ta buga:

```
ipconfig
```

A ƙarƙashin adaftar ta ga adireshi mai farawa da `169.254`. Wannan adireshi kwamfuta ce take ba kanta idan ta nemi adireshi a rezo ba a amsa mata ba. In fitilar adaftar tana ƙiftawa, kabul da ramin bango suna da rai, ƙin ta aka yi. Da ta koma kan layukan nan uku sai ta ga lambar katin wifi ta aika, alhali ta adafta take shiga. Maganin shi ne ta sake aika lambar adaftar, ta jira a shigar da ita, sannan ta zare kabul ta mayar. Da a ce adireshin da ta samu ya fara da `10.` ne amma shafuka ba sa buɗewa, to magana ta canza: an karɓe ta cikin zaure ana jira ta cike shafin shiga. A nan sai ta kashe VPN in tana da shi, ta cire duk DNS, wato adireshin mai nemo shafuka, da aka sa da hannu a saitin rezo irin `8.8.8.8`, ta buɗe shafi mai farawa da `http://` don shafin jami'ar ya samu hanyar fitowa. Kuma daga ranar da aka yi mata rajista, adaftar nan ta zama katin shaidarta. In ta ɓata ta sayi wata, sabuwar rajista ce. In ta ara wa ƙawa, duk abin da aka yi da ita da sunanta za a rubuta.

In rajistar ta wifi ce, akwai wani saiti da ke rushe ta. Windows yana da "Adresses matérielles aléatoires", wanda ke sa katin ya nuna lambar ƙarya, har ana iya sa shi ya canza ta kullum. Kwamfutocin okaziyo wani lokaci suna zuwa da shi a kunne daga mai su na farko. Alamarsa, intanet ya yi aiki yau, gobe a ce ba a san ka ba. Duba harafi na biyu na lambar: in 2, 6, A ko E ne, ba ta asali ba ce. A kashe saitin ga rezon jami'a kafin a kwafi lamba. Wayoyi ma haka suke yi tun daga Android 10 da iOS 14.

Tunda an ambaci okaziyo, duba agogon kwamfutar kafin ka biya. Kashe ta, cire caja, kunna bayan ɗan lokaci. In kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin cikin ya mutu, kuma eduroam da shafukan shiga za su iya ƙin ta, don takardar shaidar tsaro da kwanan wata take aiki. Sannan a tabbata katin wifi yana ganin 5 GHz. In tsoho ne mai 2.4 GHz kaɗai, a ɗakin da ɗalibai suka cika zai yi ta rarrafe. Nan kaɗai nake ganin amfanin 'yar kilen wifi ta USB, kuma ita ma da lambarta daban.

Modem na aljihu da kamfanonin waya ke sayarwa a nan, bar shi. Da yawa a kulle suke a kan layin kamfanin, pus na waje ba zai tashi a ciki ba, kuma aikin da zai yi salula tana yin sa.

Ƙaramar ruta, wato na'urar da ke raba intanet ɗaya ga na'urori da yawa, ita ce ta fi jan hankali, don mai shago zai ce maka da ita yaro zai haɗa waya da kwamfuta da na abokin ɗaki a kan rajista ɗaya. Gaskiya ne tana iya hakan, shi ya sa ma jami'o'i da yawa suka hana ta a dokar ɗakunan kwana. Ga kuma haɗari: in aka sa kabul ɗin bango a ramin LAN na rabawa maimakon ramin WAN na karɓar intanet, rutar za ta fara raba wa maƙwabta adireshin banza, intanet ya ɗauke wa wasu ɗakuna, masu kula da rezo su bi sawu su rufe ramin ɗakin. Kada a saye ta daga gida. In yaro ya isa ya karanta dokar masaukinsa ya ga an yarda, ya saya a can, ya kai lambar MAC ta ramin WAN ofishin rezo a rubuta.