Fulayar buɗe shago: mai tarin hotuna ko mai hoto guda?

"Salamu alaikum. Zan buɗe shagon atamfa da leshi a Mabera. Mai zane ya turo min fulaya biyu, ɗaya cike da hotunan kaya da lambobin waya uku, ɗaya hoto guda da rubutu kaɗan. Wacce zan kai a buga?"

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka. Ki kai mai hoto guda.

Wanda za a miƙa wa takardar nan a bakin Tsohuwar Kasuwa ko a bayan ɗan kabu-kabu, kallo ɗaya zai yi mata. Mai hoto guda tana nuna wa ido inda zai fara da inda zai tsaya. A takardar A5, wato rabin A4, girman rubutu hawa uku ya isa. A sama "Buɗe sabon shago" da sunan shagon, a girman 40 ko sama da haka. Sai rana da lokaci da wuri a girman 20. Ragowar bayani kada ya gaza 11, don dattijai ma su iya karantawa ba tare da tabarau ba. Wurin kuma a kwatanta shi yadda Basakkwace zai gane, kusa da masallaci kaza ko gidan mai kaza, don lambar shago kaɗai ba ta kai mutum.

Farin filin da ke kewaye da hoton kada ki ga kamar asarar takarda ce, shi ke sa launin atamfar ya fito. A bar milimita 10 tsakanin rubutu da bakin takarda, rana da lokaci da wuri su zauna tare, a ware su da sauran. Can ƙasa umarni ɗaya tak: "Ku zo ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe", da lambar waya guda. Don gwaji, ki ajiye takardar a ƙasa ki tsaya a kanta. Idan kin karanta suna da rana ba tare da sunkuyawa ba, ta yi.

Mai tarin hotunan dai tana nuna kina da kaya, amma ranar buɗewar ta nutse a ciki, kuma wanda ya ga lamba uku ba ya sanin wacce zai kira.

Ki ce wa mai zanen ya duba ƙ da ɗ da ɓ, domin wasu nau'o'in rubutu kan mayar da su akwati. In da CorelDRAW yake aiki, ya zaɓi rubutun ya danna Ctrl+Q don haruffan su zama zane kada su canza, ya fitar da PDF a CMYK, wato tsarin launin da injin bugawa ke aiki da shi, ya turo a WhatsApp ta Document, don hoto na dusashewa.

Sai ki yi hattara da wasu masu bugawa. Za a yi ciniki a kan takarda mai sheƙi giram 150, a buga miki a mai laushi, ko a ce dubu alhali ba ta cika ba. Ki karɓi samfur guda kafin ki biya, ki riƙe shi, ranar karɓa ki gwada kauri, a ƙirga a gabanki sannan ki cika kuɗin.