Kafaffen iri ko mai canzawa: gwada kaya a hoto ɗaya

A Stable Diffusion, manhajar AI mai ƙirƙirar hoto daga rubutu, in ka bar `seed`, wato lambar irin da hoto ke tsirowa daga gare ta, a `-1`, kowane gwaji na farawa daga sabon hargitsin ɗigo. Ka canza shadda zuwa atamfa, sai ninkin zane da inuwa su sauya, ka kasa gane ko yadin ne ya yi kyau ko sa'a ce. Amfanin iri mai canzawa neman sabon fasali ne kawai.

Kafaffen iri ya fi mini wajen zaɓe. Sa `seed` a `1234`, riƙe `Steps`, wato yawan matakan tace hoton, a 30, `CFG Scale`, wato ƙarfin bin rubutunka, a 7, ka yi wa wurin rigar alama a hoton don shi kaɗai ya sauya, sannan ka canza sunan yadi. Bambancin da ka gani kusan duk na kayan ne. Amma ka taɓa girman hoto ko `sampler`, wato hanyar tace hargitsin, lambar ba za ta maimaita sakamakon ba.