Tebur Cikakke ko Ma'ajiya Biyu: Wanne Za Ka Ɗauka?

An ba ka jerin lambobi, an ce ka tsinci waɗanda jimillarsu ta fi yawa, da sharaɗin kada ka ɗauki biyu da ke maƙwabtaka. Hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma amsa ɗaya suke bayarwa. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka: jimilla kawai ake nema, ko har da lambobin da suka haɗa ta?

Bari mu ɗauki 5, 1, 2, 9, 4, 6. Mai gaggawa zai yi ta tsallake ɗaya-ɗaya, ya samu 11 daga 5, 2, 4, ko 16 daga 1, 9, 6. Duka biyun ba su kai ba, domin amsar ita ce 20, daga 5, 9 da 6. Sai da aka tsallake lambobi biyu a jere kafin aka same ta.

A hanyar tebur, kowane gurbi yana riƙe da jimilla mafi girma da za a iya samu daga farkon jeri zuwa wurin. Idan ka iso wata lamba, ko dai ka bar ta ka riƙe amsar gurbin baya, ko ka ɗauke ta ka ɗora a kan amsar gurbin da ke gabanin na bayan: `dp[i] = max(dp[i-1], dp[i-2] + a[i])`, inda `dp` shi ne teburin, `a` kuma jerin lambobin. Teburinmu zai cika da 5, 5, 7, 14, 14, 20. Dubi yadda aka yi da 4: ɗaukarta na ba da 7 da 4, wato 11, barinta kuma 14, don haka aka bar ta.

To, lura da cewa ƙa'idar ba ta waiwayen abin da ya wuce gurbi biyu. Kamar a ce lissafin yau jiya da shekaranjiya kaɗai yake buƙata. Shi ya sa ake iya jefar da teburin gaba ɗaya, a riƙe ma'ajiya biyu kawai, `jiya` da `shekaranjiya`, kowacce ɗauke da amsar gurbi ɗaya:

```python
shekaranjiya, jiya = 0, 0
for x in jeri:
    yau = max(jiya, shekaranjiya + x)
    shekaranjiya = jiya
    jiya = yau
print(jiya)
```

Wajen lokaci babu bambanci na a-zo-a-gani, kowacce sau ɗaya take ratsa jerin, wato `O(n)`. Ribar tana wajen memori. Idan lambobi miliyan 100 ne, kowane gurbi bayit 8, teburin zai cinye megabayit 800, alhali ma'ajiya biyu bayit 16 ne, ko da jerin ya ninka sau goma. Haka kuma kana iya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya daga fayil ba tare da ka loda su duka ba.

Sai dai sauƙin nan da kuɗinsa. Ma'ajiya biyu za su ce maka 20, su yi shiru. Da tebur kuwa kana iya bin sawu daga ƙarshe: 20 ta bambanta da 14 da ke bayanta, ke nan an ɗauki 6, sai ka ja baya gurbi biyu. Can 14 ta bambanta da 7, an ɗauki 9. Ka sake ja biyu, ka tarar da 5 daidai da 5 ta baya, ke nan an bar 1, aka ɗauki 5 ta farko. Wanda ke son wannan amma memori ya yi masa ƙaranci yana da mafita a tsakiya: ya yi aiki da ma'ajiya biyu, ya riƙa ajiye bit ɗaya ga kowace lamba, an ɗauka ko an bari. Lambobi miliyan 100 za su tsaya a megabayit 12.5.

Inda aka fi yin tuntuɓe da ma'ajiya biyu shi ne tsarin sauya su. Idan ka zuba sabuwar amsa a `jiya` kafin ka kwashe tsohuwar zuwa `shekaranjiya`, su biyun za su zama abu ɗaya, sharaɗin maƙwabtaka ya ɓace. Alamar a fili take: jerinmu zai ba da 27, jimillar dukkan lambobin. Ka kula kuma da lambobin da ke ƙasa da sifili. Farawa da 0 da 0 na nufin an yarda kada a ɗauki komai, don haka -4, -1, -7 za su ba da 0. Idan dole ne a ɗauki aƙalla ɗaya, amsar irin wannan jeri ita ce lamba mafi girma a cikinsa, wato -1, kuma sai ka tanadi wannan daban.

Ni dai shawarata, mai koyo ya fara rubuta teburin, domin yana iya buga shi a allo ya ga gurbin da lissafi ya karkace. Idan ya tsaya daidai, kuma jimilla kaɗai ake so, sai ya rage shi zuwa ma'ajiya biyu, ya gwada su biyun da jeri marar komai, da mai lamba ɗaya, da wanda duk lambobinsa ke ƙasa da sifili.