Hoton sama da muka saya don taswirar gidajen Mabera

Bara ne aka ba mu aikin zana taswirar gine-ginen wani yanki na Mabera a Sakkwato, muka ɗauki hayar wani kamfani mai jirgi marar matuƙi ya ɗauko mana hoto daga sama. Sun tashi jirgin a tsayin mita 120, kowane ɗigo na hoton santimita 5 ne a ƙasa. Ta fuskar kyau ba ni da ƙorafi, har igiyar shanya ana gani. Sun kuma yi dabarar ɗauka da hantsi, ranar da hazo ya lafa, inuwa ba ta yi tsawo ba.

Na ɗora hoton a manhajar taswira ta QGIS bisa EPSG:32631, tsarin lambobin wuri da Sakkwato ta faɗa cikinsa. A nan sai an kula, domin tsofaffin duwatsun safiyo da yawa a kan ma'aunin Minna aka auna su, kuma wanda ya cakuɗa biyun zai ga gida ya gusa fiye da mita 50.

Rahoton kamfanin ya ce kuskuren wuri santimita 3 ne kacal. Da na tambayi inda suka samo adadin, sai ya zamana daga alamomi 6 ɗin da suka daidaita hoton da su ne. Wato ɗalibi ne ya gyara wa kansa takardar jarrabawa. Tun kafin ranar tashin jirgi dai mun shafa namu alamomin guda 8 da farin fenti a kan kwalbati da daɓen siminti, abokin aikina ya auna su da na'urar safiyo, ba mu ba kamfanin lambobinsu ba.

Ga yadda na gwada. A kowace alama na danna tsakiyarta a hoton, na ɗauki lambar gabas da ta arewa, na kwatanta da abin da aka auna a ƙasa. Alamomi shida na tsakiyar unguwa sun ba da tazarar santimita 5, 6, 6, 7, 8 da 9. Biyun da ke gefen kudu kuwa 38 da 45. Ana ninka kowace tazara da kanta, a tara, a raba da yawan alamomi, sannan a ɗauki tushen abin da ya fito. A nan x1 da y1 lambobin hoto ne, x2 da y2 na ƙasa, duk a mita, shi ya sa aka ninka da 100 don a samu santimita:

```
100 * sqrt(mean(("x1"-"x2")^2 + ("y1"-"y2")^2))
```

Jimillar ta zo 3760, a raba gida 8 ya ba da 470, tushensa kusan santimita 22. In aka cire biyun can, santimita 7 ne. To ka ga matsalar ba ta dukan hoton ba ce, kusurwa ɗaya ce. Da na duba inda suka dasa alamominsu, duk shidan a bakin titi suke, inda mota ke iya tsayawa. Gefen kudu, mai lunguna, babu ko ɗaya, shi ya sa hoton ya zame a can, kuma alamomin biyu duk ɓangare ɗaya suka gusa. Da a ce hannuna ne ya kuskure wurin dannawa, da kowace ta yi nata wajen.

Na kira mai kamfanin. Ya ce, "Haba Malam, santimita arba'in har wani abu ne?" Na ce, "Injiniya, a lungun da faɗinsa mita ɗaya da rabi ne, ai ka ba maƙwabci katangar wani." Bai ji daɗi ba, amma ya karɓi lambobin alamominmu biyu na kudu ya sake daidaita hoton ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tunda waɗancan sun shiga lissafinsa, ba su da sauran amfani wurin gwaji, sai muka auna kusurwoyin kwalbati biyu da ke fitowa sarai a hoton, suka ba da 8 da 10.

Zanen kansa ya fi cin lokaci, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Rufi ake gani daga sama, ba gindin gini ba. Bene mai tsayin mita 7 da ke mita 40 daga daidai ƙarƙashin jirgin, rufinsa kan karkata da kusan mita 2.3 a ɗanyen hoto, wato 40 sau 7 a raba da 120. Sun gyara yawancin wannan, amma a wasu benaye bango na leƙowa, sai in zana siffar rufin in ja ta zuwa gindin bangon da ake gani. Ga kuma bakin kwano da ke zarce bango, ga dogonyaro da ya lulluɓe rabin zaure, ga soron ƙasa da launinsa bai da bambanci da tsakar gida. Irin waɗannan na yi musu alama, muka bi su da tef.

Zan sake ɗaukar su aiki, amma sai an rubuta a yarjejeniya cewa alamomi za su kai kusurwoyi huɗu da tsakiya, kuma ba za a biya cikon kuɗi ba sai alamominmu sun tabbatar da hoton.