Wasiƙa biyu kan faifai ɗaya: wacce za ka aika wa masu gyara?

"Jama'a, faifan ajiyata na waje ya faɗo daga tebur yana cikin aiki. Yanzu sai ƙas-ƙas yake yi, kwamfuta ba ta ganinsa. Zan rubuta wa masu gyara su gaya min kuɗin ciro fayilolina. In taƙaita su gano da kansu, ko in zayyana komai? Ina tsoron in suka ji ya faɗi su tsawwala min."

Ɗan'uwa, kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, zare kebul ɗin, kada ka ƙara jona shi. Sannan duba waɗannan biyun.

Ta farko: "Salam. Faifaina ya daina aiki. Nawa za ku gyara min?"

Ta biyu: "Assalamu alaikum. Ina da faifan ajiya na waje mai terabait 2, irin mai juyawa, ga hoton takardar da ke bayansa mai lambar samfuri. Ya faɗo daga tebur yana jone. Tun daga nan in an jona shi yakan fara juyawa, ya yi ƙas-ƙas, sai ya yi tsit. Ba ya fitowa a Disk Management, inda Windows ke jera faifan da aka jona. Na canza kebul, na gwada wata kwamfutar, na jona shi sau uku. Ban buɗe shi ba, ban yi masa fomat ba. Fayilolin ciki nake so, ba faifan ba, musamman foldar hotuna da ta takardun aiki, kusan gigabait 300. Don Allah kada a rubuta komai a kansa. Nawa ne kuɗin dubawa, nawa ne kuɗin cirowa, kuma me zan biya in ba a samu komai ba?"

Matsalar ta farko ba gajartarta kaɗai ba ce. Mai gyaran da ya karanta ta abin da zai fara yi shi ne ya jona faifan ya ji da kunnensa, kuma wannan ne daidai abin da ba ka so. A ciki akwai faranti da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da ɗan hannu mai karatu da ke shawagi a kansa ba tare da ya taɓa shi ba. Faɗuwa takan lanƙwasa ko ta lalata kan hannun. Ƙas-ƙas ɗin da kake ji hannun ne ke fita ya kasa karanta komai, ya koma, ya sake fita. Duk jonawa zai iya ƙara kartar farantin, kuma inda ya kartu ya tafi ke nan. Ga shi wasiƙar ba ta ce fayiloli ake so ba, don haka in faifai ne da kwamfuta ke gani, wani zai yi masa fomat ya miƙo maka shi yana aiki lafiya lau, wayam.

Ta biyu kuwa ta riga ta gaya wa gwani irin aikin: sai an buɗe a wuri mai tace ƙura, a samo wani faifai irinsa a ciro hannunsa a dasa, shi ya sa lambar samfuri take da amfani. Daga nan a kwafe faifan kacokan zuwa wani, a yi aikin ciro fayiloli a kan kwafin. Shagon da ba shi da kayan wannan aiki zai gane tun daga wasiƙar, ya tura ka gaba. Ambaton folda biyun nan ma ba ado ba ne. Faifan da ya ji ciwo ba ya jure dogon karatu, don haka in an san abin da ya fi maka muhimmanci, shi za a fara bi.

Batun tsawwalawa fa? Ɓoye faɗuwar ba ya rage ko sisi, don da sun buɗe za su gani. Farashin farko ne kawai zai zo maka da sauƙi, a canza shi bayan faifan ya shiga hannunsu. Da a ce naka yana juyawa shiru, yana nuna girmansa daidai a Disk Management amma da RAW a gefensa, wato Windows ba ta gane tsarinsa ba, wannan sau da yawa tsarin fayil ne ya rikice, ba sai an buɗe ba, kuma ya fi araha. In irin wannan ne, mai shi ya faɗa a wasiƙar ko ya taɓa sa masa chkdsk, umarnin Windows na gyara tsarin fayil, ko wata manhajar ciro fayil, don suna iya sauya abin da ke ciki.

Ni dai ta biyu zan aika, in ƙara mata layi biyu: su turo jerin sunayen fayilolin da suka samu kafin biya, su kuma faɗi ko kai za ka kawo faifan da za a zuba su. In ka kulle shi da BitLocker, faɗa musu tun yanzu, ka nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48 ka ajiye kusa, don ba tare da ita ko kalmar sirrin ba, ko an kwafe faifan tsaf babu fayil ɗin da zai buɗu.