Firaima da hodar da ke riƙe fuska mai maiƙo a damina

Wadda fuskarta ke tsattsafo da maiƙo ta san halin watan Agusta. Ki gama kwalliya ƙarfe 10 na safe, kafin azahar hanci ya fara ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, fandeshan ya tsage a gefen hanci ya taru a layin murmushi. A lokacin hunturu iska busasshiya ce, zufa na fitowa take bushewa. A damina kuwa iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, sai zufar ta zauna a kan fata ta cakuɗe da maiƙo, su biyun su ɗaga kwalliyar daga ƙasa. Mutanen Legas da Fatakwal kusan duk shekara haka suke fama.

Bari in fara da abin da ya taɓa ƙona ni, wato madarar magnesiya, maganin nan na ciki da wasu masu kwalliya ke shafa wa amare. Yana busar da fuska ƙayau, wannan ba ƙarya ba ne. Amma fatar mutum tana da ɗan tsami ne, a ma'aunin pH tana wajen 5, shi kuwa kishiyar tsami ne, ya kai wajen 10, kusa da sabulu ke nan. Na yi wata biyu ina shafa shi kullum. Kumatuna suka fara saɓa, haɓata ta cika da ƙananan ƙuraje, maiƙon kuma bai je ko'ina ba. Tun daga nan duk firaimar da zan saya, wato abin da ake shafawa kafin fandeshan don ya riƙe kwalliya, tambayata ta farko ita ce yaya fuskata za ta kwana bayan na wanke ta.

Firaimar da ke kasuwa kusan iri uku ce. Akwai mai santsin silikon, irin Baby Skin ta Maybelline. Tana cike ramukan fata, hoto ya yi kyau, amma ba ta shan maiƙo, a zafi ma sai fandeshan ya riƙa zamewa a kanta. Akwai mai danƙo kamar Power Grip ta e.l.f., wadda ta fi dacewa da masu busasshiyar fata. Ni ba na ɓata kuɗina a kan waɗannan biyun a damina.

Ta ukun ita ce tawa, wato mai kashe ƙyalli, wadda ke ɗauke da gari mai tsotse maiƙo irin su silika. Stay Matte ta Rimmel tana cikin wannan layi, kuma ba ta da tsada. Gane ta ba wuya: ɗiga kaɗan a bayan hannu ki jira minti ɗaya. Idan wurin ya dushe ya yi kamar takarda, ita ce. Idan yatsa na sulɓewa a kai har yanzu, ajiye musu kayansu. Kuma ba a shafe fuska duka da ita. Kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ya ishi goshi da hanci da haɓa, a danna da yatsa, kada a murza, don murzawa ce ke sa ta dunƙule kamar dattin gogewar fensir. Idan kin ga wannan dunƙulewar, ko kin zuba da yawa ne, ko man da kika shafa a ƙasa bai gama shiga fata ba.

Sai dai in gaya miki gaskiya, in kuɗinki na abu ɗaya ne, sayi hoda mai kyau ki bar firaima. Hodar ce ke ɗaukar nauyin yinin. A nan ba na ɓoye zaɓina: Buttercup ta Sacha, wadda ake yi a Trinidad, ƙasar da ke da zafi da laima irin namu da kuma baƙaƙen mata irinmu. Garinta laushi ne da shi, launinta ruwan ɗorawa, shi ya sa ba ta barin toka-toka a fuskar baƙa ko wankan tarwaɗa. Farare tas su nemi Buttercup Light. Banana ta Ben Nye a ganina ta fi nauyi, tana kwanciya a layukan ƙarƙashin ido. Ta Laura Mercier tana da kyau, tsadarta ce ba ta da dalili a wurina. Farar hoda mai silika zalla kuwa, ki guje ta duk ranar da za a haska miki fitilar kyamara.

Ga yadda na yi ranar kamun ƙanwata a Kaduna, an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai cizo. Na wanke fuska, na shafa mai marar nauyi, na ba shi minti 5 a gaban fanka. Firaima a goshi da hanci da haɓa, minti 2. Fandeshan siriri da soso mai ɗan danshi. Sannan na dangwali hoda da fof, ɗan matashin nan na shafa hoda, na karkaɗe a bayan hannu, na danna ta a fata ina ɗan mirginawa, ba sharewa da buroshi ba. Gefen hanci kaɗai na bar wa hoda mai kauri na minti 3 kafin in kaɗe. Daga ƙarfe 2 har 6 ban taɓa fuskar ba. Da hanci ya fara ƙyalli sai na raba tishu gida biyu, na ɗora falle ɗaya na danna, ya tsotse maiƙon, sannan na ƙara hoda kaɗan. Wadda ta zuba hoda kai tsaye a kan maiƙo, kwaɓi ta haɗa. Alwala kuwa babu hodar da ke tsallake ta, don haka ki tsara lokacin kwalliyarki da lokacin salla.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke halaka: jabu. Duk hodar da ta yi suna an kwaikwaye ta. Na taɓa sayen wata a hannun wata mai sayarwa a intanet, rabin kuɗin da na sani, ta ce mini ai ragi ake yi. Da ido lafiya lau. Da hotunan dina suka fito sai ga ƙarƙashin idanuna fari fat kamar na faɗa buhun fulawa, kowa ya yi kyau ban da ni. Da na koma mata sai ta ce hasken mai hoto ne.

Tun daga ranar ba na biya sai na murza garin tsakanin yatsu biyu. Ta gaske tana narkewa kamar siliki, jabu tana da tsakuwa-tsakuwa ko ta yi kamar alli. Ina shinshinawa, in na ji ƙamshin hodar jarirai mai ƙarfi ko warin fenti, na fasa. Ina duba ƙasan gwangwanin ko akwai lambar rukunin da aka buga, in karanta rubutun jiki, don masu jabu sukan kuskure harafi ko tawadarsu ta goge da ɗan yatsa. Gwajin da ya fi duka shi ne ki shafa a bayan hannu, ki shiga wuri mai duhu, ki ɗauki hoto da fitilar waya. In ya fito fari, haka fuskarki za ta fito.

Ki yi hattara da hodar da ake ɗurawa a ƙananan robobi ana cewa an ɗebo daga babban gwangwani. Ba ki ga gwangwanin ba, ba ki san hannun da ya ɗura ba. Haka kuma masu tallar firaimar Ever-Matte ta Becca suna cewa sabon kaya ne ya sauka. Kamfanin Becca ya rufe tun 2021, saboda haka abin da ke hannunsu ko tsohon ajiya ne da ya shekara da shekaru a shago, ko kuma ba a taɓa yin sa a can ba. In mai shago ta hana ki buɗe na gwaji, ta kuma ƙi faɗin inda take saro kaya, ki yi mata sallama ki shiga shago na gaba.